“Kowa ya sani” ba shaida ba ce

*Malam, ina sayar da shinkafa da man girki a sari a babbar kasuwar Garwa. Yaron da ke raba mini kaya yana karɓo kuɗi ya yi sanyi ƙwarai, kowa ma ya sani. Ina so in ba shi wata uku, ko ya gyara ko ya tafi. Ta ina zan fara?*

Alhaji, kada ka fara ƙirga wata ukun nan tukuna. “Kowa ya sani” ɗin da ka faɗa shi ne matsalarka, domin ba ka rubuta komai ba. Da me za ka auna gyaran, alhali ba ka auna lalacewar ba?

Ka ɗauki mako shida kana rubutu a littafi guda. Kowane layi ya ƙunshi kwanan wata, abin da aka sa shi, abin da ya yi, da takardar da ke tabbatarwa. “Malalaci ne” ba ya shiga littafin. Abin da ke shiga shi ne irin wannan: ranar Litinin an ba shi rasit goma sha biyu na bashin jika 600, ya dawo da jika 350, shaguna huɗu kuma sun ce bai leƙo ba. Ka liƙa rasit ɗin a shafin. A ranar ka tambaye shi dalili, ka rubuta amsarsa yadda ya faɗe ta.

Amsar nan kada ka raina ta. In babur ɗinka ne ya kwana uku wurin makanike, ko ruwan Agusta ya yanke hanyar ƙauye, wannan ba laifinsa ba ne, ka cire shi daga lissafi. Ka kuma duba abin da abokin aikinsa ya karɓo a makonnin. In dukansu sun faɗi, kasuwa ce ta faɗi.

Sai ku zauna ku biyu, ba a gaban sauran yara ba. Ka karanta masa, ya ƙara nasa bayanin, ku sa hannu a kwafi biyu, ya riƙe ɗaya. Daga alƙaluman nan ne wa'adin gyara zai fito: daga jika 350 zuwa 500 a mako, misali, ana dubawa kowace Asabar.

Na san wani ɗan kasuwa a Marwa da ya sallami mai kula da sitonsa da baki kawai. A gaban sufeton ƙwadago aka ce ya kawo hujja, sai rantsuwa ya iya. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ɗora wa mai aiki nauyin tabbatar da dalilin kora, kuma diyyar korar zalunci ba ta gaza albashin wata uku. Ya biya, ga zumunci ya ɓaci.

Don Allah kada ka zauna dare ɗaya ka cika littafin da tsofaffin ranaku. Biro ɗaya, hannu ɗaya, babu sa hannun yaron ko sau ɗaya: duk mai dubawa zai gane. Shafin farko ya ɗauki kwanan watan gobe.