Likita ya amsa: me ya sa madarar gwangwani take yin ruwan ƙasa, kuma lafiya lau ne a sha?

Tambaya daga wata uwa a Zariya: Likita don Allah me yasa madarar ruwa ta gwangwani bata fari tas kamar nonon da ake tatsowa? Kala ake zuba mata ne?

Hajiya ba kala bace, wuta ce ta mayar da ita haka. Nonon saniya yana ɗauke da sukarinsa na halitta mai suna laktos, kusan giram 5 a cikin kowane giram 100, sannan akwai furotin giram 3 da ɗan wani abu. A jikin furotin ɗin akwai wani sinadari da ake kira laisin, toh idan zafi ya yi yawa sai laktos ya kama laisin su manne, daga nan sai abin ya rinƙa rikiɗa mataki mataki har ya haifar da sinadarai masu ƙamshi, a ƙarshe kuma ya haifar da masu launin ruwan ƙasa. Wani likita Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya yi bayanin wannan a 1912, shi yasa masana suke kiran abin da sunansa. Shi ne dai yake sa bayan burodi ya yi ja ya yi ƙamshi alhali cikinsa fari ne.

Ita madarar gwangwani sau biyu take haɗuwa da abin da ke kawo wannan. Da farko ana ƙone kusan kashi 60 cikin 100 na ruwanta, kinga sukari da furotin sun ninka sun matsu wuri ɗaya kenan. Sai a zuba a gwangwani a rufe, a dafa ta a cikin gwangwanin a zafin digiri 115 zuwa 120 na kamar minti 15 zuwa 20 don a kashe duk wata ƙwayar cuta. Wannan doguwar dahuwar ce take bata launin nan da ɗanɗanon nan mai kama da alewar madara da mutane suke so a shayi.

Tambaya daga wani ɗalibi a Maraɗi: Madarar kwali da aka rubuta UHT tana wata da watanni ba firij, ɗanɗanonta kuma kamar dafaffiya. Magani ake sa mata?

A'a ɗan'uwa, ba a sa mata maganin hana lalacewa. Ana ɗaga zafinta ne zuwa digiri 135 ko sama da haka na ƴan daƙiƙoƙi kawai, biyu zuwa biyar, a sanyaya ta nan take a ɗura a kwalin da shima an tsaftace shi. Ka lura zafin ya fi na gwangwani amma lokacin gajere ne sosai, kuma da gangan aka yi haka, saboda ƙwayoyin cuta suna mutuwa da sauri idan zafi ya hau, shi kuwa canjin launi yana buƙatar lokaci. Shi yasa ta kwali take fitowa fara.

Warin dahuwar da kake ji a sabuwar madarar kwali daga wani wurin yake. Akwai wani furotin a cikin nono, irin wanda yake bin ruwan da ke tsatsowa idan nono ya yi tsami, da zafi yake warware shi ya saki sinadarai masu sulfa, sune suke bada ɗan warin nan kamar na dafaffen ƙwai, kuma yana raguwa da kansa cikin kwanaki zuwa ƴan makonni. Idan kwalin ya daɗe kuma sai wani ɗanɗano daban ya fara shigowa, na tsufa, wannan kam laktos da laisin ne suke cigaba da aikinsu a hankali a cikin kwali. Wadda aka rubuta ba laktos a cikinta tafi saurin yin ja, don an farfasa laktos ɗin zuwa gulukos da galaktos, su kuma sun fi shi saurin kama furotin. Da ka buɗe kwali dai sai firij, ka shanye cikin kwana uku ko abin da aka rubuta a jiki.

Tambaya daga wani mai shayi a Sakkwato: Na sari katan na madara mai kauri mai sukari, na buɗe naga ta yi duhu tayi kauri sosai, kuma kwanan watanta bai wuce ba. Ta lalace?

Malam wannan tambayar taka na daɗe ina so wani ya yi ta. Ita mai kaurin nan ba a dafa ta a cikin gwangwani kamar ta ruwa, sukari ne ake zuba mata kusan kashi 45 cikin 100, ya riƙe ruwan yadda ƙwayoyin cuta basa iya hayayyafa, shi yasa sabuwa zaka ganta fara-fara mai ɗan ɗorawa. Sukarin da aka zuba ba shi ne yake kama furotin kai tsaye ba, laktos ɗin nonon ne, wanda yanzu ya yi yawa a wuri kaɗan.

Matsalar ita ce ajiya. Duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin wannan canjin kamar sau biyu zuwa uku. Mu ɗauka katan ɗinka ya zauna a shagon kwantena a watan Afrilu, cikin shagon ya kai digiri 45, wani katan kuma yana ɗaki mai digiri 25. Bambancin digiri 20 ne, wato ninki biyu sau biyu, aƙalla sau huɗu kenan, toh wata uku a kwantena ya yi daidai da shekara guda ko fiye a ɗaki mai sanyi. Kwanan watan da ke jikin gwangwani an rubuta shi ne da zaton za a ajiye a wuri mai sanyi, shi yasa zaka ga bai wuce ba amma madarar ta tsufa.

Duhu da kauri su kaɗai ba guba bane. Idan ka ji ɗan tsakuwa-tsakuwa kamar yashi a harshe shima laktos ne ya daskare, baya cutarwa. Amma ka duba gwangwanin tun kafin ka huda: idan murfin ya kumbura, ko ya yi tsatsa har ya huje, ko ya lotse a bakin ɗinkin, ko ka huda kaji iska ta fito fus, ko kaga dunƙulen fumfuna a saman, ko tsami da ɗaci, zubar da ita kada ma ka ɗanɗana, kuma don Allah kada ka ce asara ce ka zuba wa kwastoma a shayi. Nan gaba ka rinƙa sarin abin da zaka iya ƙararwa da wuri, ka ɗaga katan daga jikin kwano.

Tambaya daga wata amarya a Kano: Ance dahuwar tana kashe amfanin madara, kuma wai idan tayi ja tana kawo cutar kansa?

Ƙanwata kalsiyam baya zuwa ko'ina, yawancin furotin ɗin ma yana nan. Abin da ake rasawa shi ne laisin ɗin da ya manne da sukari, jiki baya iya amfani da shi, a madarar kwali kaɗan ne ƙwarai, a ta gwangwani ya fi yawa, kuma yana ƙaruwa idan ta daɗe a zafi, haka wasu bitamin irin su B1 da B12 suna raguwa. Ga babba mai cin wake da nama da ƙwai wannan ba abin damuwa bane, kuma shan ta a shayi ko koko ba a tabbatar yana kawo kansa ba. Abin da ya fi damuna a mai kaurin nan sukarinta ne, mai ciwon suga ya nisance ta.

Inda nake roƙonki ki kiyaye shi ne jariri. Kada a dama madarar gwangwani ko mai kauri a ba jariri a madadin nonon uwa, nonon saniya ma gaba ɗaya ba a maida shi abin shan yaro sai ya cika shekara ɗaya, wata shidan farko kuwa nonon uwa zalla. Idan nonon baya isa ki je asibiti a duba ku ke da shi a faɗa miki madarar jarirai da ta dace da watanninsa.