Kafin ka zargi yaran mangaza, ka rushe tari ɗaya

"Jama'a, littafina ya nuna kwalin taliya ya fi wanda ke ƙasa yawa sosai. Yarana ne ke sata, ko me?"

Ɗan'uwa, dakata da maganar sata tukuna. Irin wannan ta same ni ina ɗan shekara 22, wata na biyu da kama aikin tsaron mangazar wani Alhaji kusa da Kasuwar Dole, nan Damagaram.

Gab da azumi kaya suka ja baya, Alhaji ya ce in ƙirga sabulu. Littafi ya ce kwali 410. Na ƙirga har sau uku, 50 na samu. Kwali 360 babu! Ranar ko tuwo ban iya ci ba, kuma har an fara kallon wani yaro ɗan dako da ke kwana a bakin ƙofa, yaron da bai ci ba bai sha ba.

Da motar Kano ta zo, sai na tsaya ina kallon yadda 'yan dako ke jera kaya. Wanda na gada ya koya mini cewa kowane tari 60 ne: kwali 10 a shimfiɗe, hawa 6. Na ɗauko tsani na leƙa ta sama, sai ga rami a tsakiyar tarin, hannuna ya shige har kafaɗa. Ashe kamfani ya ƙara girman kwalin tun bara, goma ba sa zama a kan katakon, shi ne suke jera 9 suna barin tsakiya. Daga gefe ba ka ganin komai. Tari 54 ne, ana rubuta 60.

Kowane wata tari 5 ke shigowa, kenan kwali 30 da babu su ke shiga littafi. Wata 12, 360 cif. Fitar kaya kuwa ɗai-ɗai ake ƙirgawa, shi ya sa giɓin ya yi ta taruwa.

Na ce, "Alhaji, don Allah a ba ni takardun direba." A gida yake ajiye su, ba wanda ya taɓa haɗa su da littafin mangaza. Kowace ta ce 270, kuma kuɗin 270 ya biya. Ko dala ba ta ɓace ba.

To ka duba naka. In giɓin a kaya iri ɗaya yake, kuma yana rabuwa daidai da yawan motocin da suka sauke, ƙidaya ce ta karkace, don ɓarawo ba ya ɗiba da lissafi haka. Haɗa takardun direba da littafinka wata-wata, ka rushe tari ɗaya ka ƙirga da hannu. In ka gano, kada ka goge tsohon rubutu. Buɗe sabon layi na gyara da kwanan wata, maigida ya sa hannu. Ni tun ranar a bakin mota nake ƙirga kwali, kafin ya hau tari.