Jak mai haƙori murabba'i: ƙarfin ɗagawa da saukewa

"Don Allah ya ake lissafin ƙarfin murɗa jak wajen ɗaga kaya da saukewa, da ingancinsa?"

Fara nemo kusurwa biyu, ta haƙori tan α = L/(πd), ta gogayya kuma tan φ = μ, inda L shi ne nisan da jak ke tafiya a juyi ɗaya, d diyamitar sukurun, μ kuma ma'aunin gogayya. A ce nauyin kaya W = 10 kN ne, d = 50 mm, L = 10 mm, μ = 0.1, to α ta zo 3.64°, φ 5.71°. Ƙarfin murɗa na ɗagawa T = W(d/2)tan(α+φ), wajen 41 N·m kenan, saukewa kuma tan(φ−α) za ka sa, 9 N·m kacal. Kula fa, d na tsakiyar haƙori ne, ba na waje ba. Inganci tan α/tan(α+φ), kusan 39%, kar ka raina shi, ai don φ ta fi α ne kayan ba ya sulalowa in ka saki hannu. In akwai kwala, wato zoben da ke tallafe nauyin kayan, gogayyarta daban ake ƙarawa.