Me ya sa Excel ya ce ƙaramin injin ruwana yana bukatar wat miliyan 11?

Tambaya: Malam, ina so in san ƙarfin injin da zai tura ruwa lita 60 a minti ɗaya zuwa tankin da ke bisan mita 20. Na saka P = ρ·g·Q·H a Excel, inda P shi ne ƙarfin injin, ρ nauyin ruwa a kowane m³, g ƙarfin jan ƙasa, Q yawan ruwan da ake turawa, H kuma tsayin da tankin yake, sai ya ba ni 11,772,000. Shin manhajar ce ta samu matsala?

Amsa: Malam, manhajarka lafiya lau take, sai dai lamba tsura take gani, ba ta san lita ko minti ba. Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki takarda ka rubuta lissafin da ma'aunai kaɗai, ka ajiye lambobin a gefe:

```
kg/m³ × m/s² × m³/s × m = kg·m²/s³
```

Ka lura yadda m³ na ƙasa da m³ na sama suka soke juna, abin da ya rage kuwa, wato kg·m²/s³, shi ne ainihin wat. Wannan sokewar ba za ta yiwu ba sai an ba da Q a m³/s, kai kuma lita a minti ka ba shi, don haka amsarka ta ninka ta gaskiya sau 60,000.

Wajen juyawa, kada ka dogara da tuna ko ninkawa ake yi ko rabawa. Ka jera kowane mataki ta yadda ma'aunin da kake son kawarwa zai bayyana sama da ƙasa:

```
60 L/min × (1 m³/1000 L) × (1 min/60 s) = 0.001 m³/s
```

Da ka kifar da ɗaya daga cikinsu, za ka ga L² ko min² ya maƙale a amsar, nan take ka gane an yi kuskure. Idan Q yana B2 a lita a minti, wato 60, H kuma yana B3, ga abin da za ka rubuta, inda 1000 ne ρ, 9.81 kuma g:

```
=1000*9.81*(B2/1000/60)*B3
```

Zai ba ka wat 196.2. Ni dai a ganina bai kamata a bar lamba a Excel ba tare da an rubuta ma'auninta a gidan da ke kusa da ita ba, domin irin wannan sakacin ne ya jawo asarar kumbon Mars Climate Orbiter a 1999, lokacin da wata manhaja ta fitar da lissafi da ma'aunin fam, wadda ta karɓa kuma ta ɗauka niyuton ne.

Sai dai wannan binciken yana da iyaka, tunda ba ya ganin lambar da ba ta da ma'auni. A ce kashi 60 cikin 100 na wutar da injin ke ja ne yake kaiwa ga ruwan. Idan ka raba 196.2 da 0.6 za ka sami wat 327, idan ka ninka kuma wajen wat 118, dukansu biyun wat ne a takarda. A nan hankali ne zai raba gardama: injin ba zai ba ruwa ƙarfin da ya fi wanda ya ja ba, saboda haka 327 ce amsar.