Hoton da na'ura ta ƙera da zanen da za a gina: me doka ta ce?

Wani mai karatu daga unguwar Karkada a Damagaram ya rubuto cewa ya ba wani kamfanin zanen gine-gine kafin alƙalami na sefa 600,000 don a zana masa gida mai bene. Sun nuna masa hotuna da aka yi da ƙirƙirarriyar basira: baranda mai faɗin mita 3 ta leƙo waje babu ginshiƙi ko ɗaya a ƙarƙashinta, ga manyan tagogin gilashi. Bayan ya biya sai wasiƙa ta zo tana cewa hotunan na nuna salo ne kawai, ba su ne zanen ƙarshe ba. A sabon zanen an kafa ginshiƙai biyu, an rage tagogin. Yana tambaya ko an yaudare shi, kuma ko kuɗinsa za su dawo.

Alhaji, ta fuskar sana'a, abin da wasiƙar ta faɗa gaskiya ne. Na'urar da ke ƙera irin wannan hoto kamanni take haɗawa, ba ta lissafin nauyi. Ba ta san kaurin ƙarfen da zai riƙe barandar ba, ba ta kuma san ko filinka a kan dutse yake ko a kan ƙasa mai laushi ba, alhali a garin nan duka biyun akwai su. Baranda mai mita 3 ba ginshiƙi tana ginuwa, amma da kankare mai kauri da ƙarfe mai yawa, wato da ƙarin kuɗi. Zanen da ake gini da shi kana iya gane shi da idonka: yana da ma'auni, 1/100 ko 1/50, an rubuta tsawo da faɗin kowane ɗaki, akwai kwanan wata, hatimi da sa hannun mai zanen. Irinsa ne ake kaiwa neman izinin gini. Akwai kuma dalilin da ya sa suke taka tsantsan: aya ta 1792 ta kundin dokokin mu'amala da muka gada daga Faransa ta ɗora wa mai zane da ɗan kwangila alhakin shekara 10 idan gini ya rushe saboda aibin aiki ko na ƙasa. Ni kaina ba zan so a gina maka barandar da ba a lissafa ba, yara suna wasa a ƙarƙashinta.

Sai dai gaskiyar wasiƙa daban, ƙarfinta a gaban alƙali daban. Abin da zan fara dubawa shi ne ranar da aka rubuta ta. Aya ta 1134 ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida doka ce tsakanin waɗanda suka ƙulla ta, kuma ɓangare ɗaya ba ya sauya ta shi kaɗai. Da a ce gargaɗin yana cikin kwantiragi, ko an rubuta shi a jikin hotunan kafin ka sa hannu, da hujjarka ta yi rauni ƙwarai. Tunda bayan biya ta zo, ba za ta goge alkawarin da ya riga ta ba.

To, an yi alkawarin? Nan ne aikin yake. Ɗauko kwantiragin ka duba ko ya ambaci hotunan, ko an manna su a jikinsa. Duba saƙonninku na waya, har da na murya. Idan akwai inda ka ce baranda marar ginshiƙi kake so, suka amsa cewa za ta yiwu a kuɗin da kuka tsayar, ka riƙe hujja mai kyau, kada ka goge komai. Idan kuwa babu, hoto ne kawai ya burge ka, zargin yaudara zai yi wuyar tabbata, domin aya ta 1116 tana son a nuna makircin da ba don shi ba da ba ka shiga yarjejeniyar ba, kuma kai ne za ka kawo shaida.

Shawarata, kada ka yi shiru, kada kuma ka sa hannu a kan sabon zanen tukuna, don sa hannunka amincewa ce. Ka mayar musu da amsa a rubuce, ka ce ba ka yarda wasiƙarsu ta sauya yarjejeniyarku ba, ka nemi su jera maka kowane bambanci tsakanin hoto da zane tare da dalilinsa, da kuma farashin barandar iri biyu, mai ginshiƙi da marar ginshiƙi, bisa lissafin injiniya. Sau da yawa a nan magana ke mutuwa, mai gida ya ga bambancin kuɗin ya zaɓa da kansa.

Idan sun ƙi amsawa, ma'aikacin shari'a mai isar da takardu ya kai musu gargaɗi da wa'adi, misali kwana 15. Bayan nan kana iya kai koke ga ƙungiyar masu zanen gine-gine ta ƙasa, ko ka nemi kotu ta warware kwantiragin. Kada ka sa rai da dukan 600,000 ɗin: in sun auna fili, sun yi zanen da za a iya aiki da shi, alƙali kan lissafa ladan wannan aikin kafin ya tsayar da abin da za a maido maka.