Tayil, daɓen siminti ko mai kama da katako: wanne zan sa idan kuɗi sun yi kaɗan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, na gina gida mai ɗaki 3 da falo, an yi rufi an yi filasta, saura ƙasa, kuma kuɗin hannuna sun ja baya. Uwargida tana son irin shimfiɗar nan mai kama da katako, magini ya ce tayil, wani abokina kuma ya ce in yi siminti a goge kawai. Yaranmu 4, duk ƙanana. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a ginin, ya sa a shiga lafiya.

Shawarata ita ce kada ka yi wa gidan duka abu ɗaya. Ka sa tayil a inda ruwa da ƙafa suka fi yawa, wato banɗaki, kicin da falo, ka yi daɓen siminti mai kyau a ɗakunan kwana, ka bar mai kama da katako tukuna. Amma kafin ka sayi ko kwali ɗaya, duba abin da ke ƙarƙashi, domin dukkan ukun a kansa za su zauna.

Ina nufin kankaren ƙasa, wanda magina ke kira jaman fulo. Idan an yi ciko ba a daddanne shi da kyau ba, ko an zuba kankare ba a shimfiɗa leda a ƙasansa ba, danshi zai riƙa tasowa duk damina. Gwajin ba ya cin kuɗi: ka yanko leda mai kauri kamar rabin mita kowane gefe, ka manna ta a ƙasa da salatif ta kowace kusurwa, ka bar ta kwana ɗaya. Idan ka ɗaga ka ga gumi a jikinta, ko simintin ya yi duhu, akwai danshi. Gidan da ya faɗi wannan gwajin, katako ya fita daga lissafinsa gaba ɗaya.

Dalili kuwa shi ne, yawancin shimfiɗar mai kama da katako da ake sayarwa da sunan laminet ba katako ba ce. Garin katako ne aka matse ya zama allo, aka manna masa hoton katako, aka rufe da siririn rufi mai tauri. Da zarar ruwa ya shiga ta mahaɗa sai cikin ya kumbura, gefuna su ɗaga, kuma ba ya komawa ko ya bushe. Yanzu ka tuna yadda gidajenmu suke: ana mofin da ruwa kullum, yaro ya zubar da kunu, buta ta kife, ga fitsarin jariri. Ga kuma yashin da ake kwasowa daga tsakar gida da ƙurar hunturu, waɗanda ke kankare fuskarsa a hankali. Akwai wani nau'in na roba mai tauri wanda ruwa ba ya kumbura shi, sai dai mai kyansa ba shi da araha, yana buƙatar ƙasa daidaitacciya sumul, kuma rana mai zafi da ke shigowa ta taga tana iya sa shi ya buɗe ko ya yi tozo. Idan kamannin ne Uwargida take so, kuma tana da gaskiya domin yana da kyau, akwai tayil dogaye masu zanen katako. A sa mata su a falo, an biya buƙatarta, ruwa kuma bai zama abin tsoro ba.

Ga lissafin tayil yadda za ka yi da kanka. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 kusan murabba'in mita 13 ne. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama 14 da ɗoriya. Tayil mai santimita 60 da 60 yawanci 4 ne a kwali, yana rufe murabba'in mita 1.44, don haka kwali 10 kake buƙata. Mai 40 da 40 yawanci 12 ne a kwali, murabba'in mita 1.92, kwali 8 ke nan. Inda mutane ke rikicewa shi ne su lissafa kuɗin kwali kawai su manta da siminti, yashi, farin simintin cike tsakani, tayil ɗin gindin bango da ladan mai sawa. Ka sayi na wuri ɗaya a lokaci ɗaya, ka duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama iri ɗaya, domin launi yakan ɗan bambanta tsakanin waɗanda aka gasa a lokuta daban-daban. Ka kuma ajiye rabin kwali saboda gyara. Na banɗaki da kicin kada ya zama mai sheƙi: jiƙa hannunka ka shafa, idan ya zame, ƙafar yaro ma za ta zame.

Ranar aiki ka tsaya a wurin. Wasu masu sa tayil sukan ɗiga siminti a kusurwa huɗu da tsakiya su ɗora, don su yi sauri. Irin wannan ne ke fashewa idan an ɗora ƙafar kujera. Washegari ka bi da kan mabuɗi kana ƙwanƙwasawa; duk wanda ya yi ƙara kamar ganga, ƙasansa rami ne, a cire shi a sake kafin ka biya cikon kuɗi.

Sai daɓen siminti, wanda ake rainawa ba don laifinsa ba, sai don yadda ake yin sa. Wanda kake gani a hotuna yana sheƙi kamar madubi, da injin gugawa ake yin sa, kuma kuɗinsa na iya kamo na tayil. Abin da za ka iya shi ne daɓen da magini ke gogewa da cokalinsa na ƙarfe. Kwaɓin ya zama awo 1 na siminti da awo 3 na yashi mai kaifi marar laka, kauri kamar santimita 4. A ɗaki irin wanda muka lissafa, wajen buhu 5 zai ci. Abu biyu ke kashe shi. Na farko yawan ruwa a kwaɓi, da barbaɗa busasshen siminti a sama don ya yi saurin shanyewa. Wannan ne ke haifar da ƙananan tsagogi da ɓawon da ke tashi, da garin da ba ya ƙarewa ko an share. Na biyu rashin ban ruwa. Daɓe yana buƙatar ya zauna a jiƙe aƙalla kwana 7, musamman idan lokacin hunturu ne da iska ke busar da komai. A rufe shi da leda ko jiƙaƙƙen buhu, a hana shiga. Idan aka yi haka, ko da ledar ɗaki ko darduma aka shimfiɗa, zai yi shekaru bai yi rami ba.

Abu ɗaya da nake roƙon ka kada ka manta: ka gaya wa magini tun yanzu cewa nan gaba za ka sa tayil a ɗakunan. Sai ya sauke daɓensu kamar santimita 2 ƙasa da saman tayil ɗin falo, a kuma rataya ƙofofi daidai da tsayin falon. Idan hali ya samu, a sassara fuskar daɓen don ta kama, a ɗora tayil da gam ɗinsa ɗaki bayan ɗaki, ba sai an fasa ƙasa ko an yanke ƙofa ba.