Hukuncin Labarin Yaron da Aka Aika Gaishe da Maƙwabci Mafaɗaci

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malama ce a wata Islamiyya a Gwale, nan cikin Kano. Na ƙirƙira wa ɗalibaina wani ɗan labari. Akwai wani dattijo mafaɗaci da yaran lungu ke kewaye ƙofarsa. Sun yi cacar baki da maƙwabcinsa kan ruwan kwata, har wata biyu ba sa ga maciji. Wata safiyar Juma'a maƙwabcin ya aiki ɗansa mai shekara bakwai da kwanon ɗanwake, ya ce ya je ya gaishe da Baba. Yaro ya yi sallama a zaure, dattijo ya daka masa tsawa. Yaron bai gudu ba, ya durƙusa ya ce, "Baba, ina kwana? Abbana yana gaishe ka, ya ce yaya ƙafar taka?" Dattijo ya yi shiru, sannan ya ce, "Wa ya gaya masa ƙafata na ciwo?" Yaro ya ce, "Ya ga kana salla a zaune." Sai fuskarsa ta sake, ya karɓi kwano, ya ba yaron dabino. Na rufe da cewa daga nan gaba ta ƙare. Wani abokin aikina ya ce ƙarya nake koya wa yara tunda abin bai faru ba. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Malama, labarinki halas ne, babu zunubin ƙarya a kanki. Ƙaryar da shari'a ta haramta ita ce mutum ya faɗi abin da bai faru ba don mai sauraro ya ɗauka ya faru. Idan mai faɗa da mai ji duka sun san misali ake bugawa, ba a yaudari kowa ba. Annabi (SAW) ya ce wa sahabbai, me kuke gani da a ce akwai kogi a ƙofar ɗayanku yana wanka a ciki sau biyar kullum, dauɗa za ta saura a jikinsa? Ba wanda ya tashi neman kogin, kowa ya gane salloli biyar ake nufi. A zaurukan malamanmu na cikin birni ma an daɗe ana karanta Muƙamatul Hariri, alhali jarumin littafin ƙagagge ne, malamai kuwa ba su hana ba.

Abokin aikin naki wataƙila ya tuna hadisin Abu Dawud da Tirmizi mai cewa bone ya tabbata ga wanda yake ba da labari ya yi ƙarya don ya ba mutane dariya. Tsoron nasa abin yabo ne, sai dai hadisin yana kan wanda ya shirga zance a matsayin gaskiya. Saboda haka ki kiyaye abu biyu. Ki gaya wa yaran tun farko cewa labari ne kika tsara, domin ɗan shekara bakwai yana ɗaukar maganar malamarsa tamkar karatu. Sannan kada ki siffanta dattijon yadda yara za su ce ai wane ne na lungun kaza, don daga nan an shiga giba. Jingina labarin ga Annabi ko wani sahabi kuwa, wannan haramun ne kai tsaye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba ki tambaye shi ba, shi ne jimlarki ta ƙarshe, cewa gaba ta ƙare. Nan nake so ki gyara, domin hukunci ne kike dasawa a kan yara.

Aika gaisuwa yana da asali. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce wa Nana A'isha, ga Jibrilu yana yi miki sallama, ita kuma ta mayar. Haɗawa da abinci ma sunna ce, domin an umarci Abu Zarr idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabta. Abin da ya taɓa zuciyar dattijon naki kuwa, ki lura, tambayar ƙafa ce: ya gane wanda yake ɗauka abokin gaba yana lura da shi a masallaci. Wannan shi ne abin da aya ta 34 ta Suratu Fussilat ta faɗa, ka tunkuɗe mummuna da abin da ya fi kyau, sai ka ga wanda ke gaba da kai ya zama kamar masoyi na kusa.

Amma wanda ya yi gabar uban ne, nauyin yana wuyansa. Hadisin Abu Ayyubal Ansari da ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim ya ce bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, su haɗu wannan ya kau da kai, wancan ya kau da kai, mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Laifin yana wurin haɗuwa da kau da kai. Ibnu Abi Zaid ya ce a cikin Risala sallama tana fitar da mutum daga ƙauracewa, kuma bai kamata ya bar yi masa magana bayan sallamar ba. Malaman da suka ce saƙo ko wasiƙa yana ɗauke zunubin gaba sun yi maganar ne a kan wanda ba ya nan. Mutanen labarinki katanga ɗaya ce tsakaninsu, sahu ɗaya suke bi. Idan uban ya aiki yaro da safe, da La'asar kuma ya ga dattijon a bakin masallaci ya sunkuyar da kai ya wuce, abin da hadisin ya hana yana nan. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne aiken yaro kyakkyawan mafari ne da ake samun lada a kansa, amma gabar maƙwabta na kusa ba ta faɗuwa sai sun yi wa juna sallama baki da baki.

Ina jaddada wannan ne saboda abin da muke gani a unguwanninmu. Kwano yana shiga yana fita da azumi da salla, yara suna kai suna kawowa, manyan kuwa shekara guda ba wanda ya ce wa wani sannu. Kowa yana ganin ya sauke haƙƙi, alhali girman kai ne ya sa ya tura ƙaramin da ba ya jin nauyin durƙusawa.

Don haka ki ƙara wa labarin sakin layi guda. Yaro ya dawo ya ce, "Abba, Baba yana amsawa," domin isar da amsa amana ce kamar isar da saƙon. Bayan an sauko daga Juma'a uban ya tsaya a ƙofar dattijon da kansa, ya yi sallama, ya ba shi hannu, ya tambayi ƙafa. Maganar kwata kuma su zauna a kanta, in ta gagara su kira mai unguwa.

Ki kuma nuna wa yara ladabin shiga a cikin labarin: ya tsaya a gefen ƙofa ba tsakiyarta ba, sannan kamar yadda ya zo a hadisin Abu Musa, ya yi sallama har sau uku, in ba a amsa ba ya koma gida. Aiken ya zama da rana, ya tsaya a zaure. In kuwa an san mutum yana dukan yara ko zaginsu, ba a aika masa yaro, uban ne zai je.

Wallahu a'alam.